Sakan arba'in kowace tambaya: yadda nake shirin jarrabawar shiga aikin gwamnati

Lahadi, 9 ga Fabrairu, 2025

Ranar Alhamis na cike fom ɗin neman aiki na Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya. Tun 27 ga Janairu aka buɗe shafin, ni kuwa na yi ta jan ƙafa saboda takardar shaidar ƙaramar hukumata ta shige cikin wasu takardu, sai da maiɗakina ta zazzage akwati sannan ta fito. Gurbi ɗaya ake yarda mutum ya nema, na zaɓi wanda ya dace da digirina. Ban kashe ko sisi ba in ban da kuɗin ɗora takardu a shagon kwamfuta.

Ni ma'ajin kaya ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Sharaɗa. Litinin zuwa Asabar, ƙarfe 8 na safe zuwa 5 da rabi na yamma, wannan kuma in tirela ba ta iso da la'asar sakaliya ba. In ta iso, sai an sauke an ƙirga sannan a kulle sito. Daga nan zuwa gida a Hotoro adaidaita biyu ne, in an ci sa'a minti 50. Lahadi kaɗai ce tawa.

Yau na gwada kaina. Na sayi littafin tsofaffin tambayoyi, kowace takarda a cikinsa tambaya 60 ce: Turanci 20, lissafi 20, harkokin ƙasa da aikin gwamnati 20. Na ba kaina minti 40, wato sakan 40 kowace tambaya, na saita agogon waya na kife ta. Da ta yi ƙara ina kan tambaya ta 41. Na ci 29, na faɗi 12, guda 19 ko kallonsu ban yi ba.

Raina ya ɓaci, na tashi na sha ruwa. Da na dawo sai na ce bari in amsa 19 ɗin nan ba tare da agogo ba. Na ci 14. Ashe abin da ke kaina ya kai 43 cikin 60, amma abin da ya fito a takarda 29 ne. Maki 14 agogo ne ya cinye su, ba jahilci ba. Da ban yi wannan gwajin na biyu ba, da gobe na ɗauko littafin lissafin sakandare na fara daga shafin farko, ina maganin ciwon da ba shi ke damuna ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Jadawalin da na zana ranar Lahadi ya ce awa biyu kowane dare bayan isha'i. Litinin na yi minti 50. Talata barci ya sace ni a kan tabarma, na farka biro ya zana mini layi a kumatu. Yau ko buɗe littafin ban yi ba. Wanda ya yini a tsaye yana ƙirga katan ba shi da awa biyu da dare, ko da agogo ya nuna akwai su.

Na yage jadawalin. Daga gobe karatu ya koma bayan sallar asuba, minti 45, kafin yara su tashi.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Asuba ta karɓe ni. Kwana uku a jere na samu minti 45 cif, da sanyin nan da kofin shayi. Awa biyu da kwata ke nan, kuma na ainihi.

Na sayi ɗan littafi mai shafi 40, na sa masa suna littafin kurakurai. Duk tambayar da na faɗi ina kwafe ta a ciki, a gefe in rubuta abin da ya kayar da ni. Na fara da 12 ɗin makon jiya. Biyar ban san amsarsu ba sam. Huɗu na san amsar amma ban karanta tambayar da kyau ba. Uku kuma hannuna ne ya zame a lissafi, irin a ce 7 sau 8 mutum ya rubuta 54.

Huɗun nan na rashin karatu su suka fi ba ni haushi. Uku daga cikinsu kalma ɗaya ce tak ta yi mini illa, ko `EXCEPT` ko `NOT`, wato an ce "duk waɗannan haka ne ban da wanne", ni kuwa ina ganin amsar farko gaskiya ce sai in cafke ta. Mai tsara tambaya ya san haka, shi ya sa yake sa gaskiya mai daɗi a sahun farko. Yanzu kafin in kalli amsoshi sai na karanta ƙarshen tambayar sau biyu. Sakan uku ne, kuma ya fi kowane sakan uku riba.

Gwajin yau: 33. Na kai tambaya ta 47.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Abin da ke cinye mini lokaci lissafi ne. Na sa maiɗakina ta riƙe agogo tana rubuta lokacin kowace tambaya, tana yi tana dariya wai ta zama mai sa ido a ɗakin jarrabawa. Na harkokin ƙasa sakan 12 zuwa 15 suke ɗauka, ko dai na sani ko ban sani ba. Na Turanci wajen sakan 35. Na lissafi kuwa akwai wadda ta ci minti biyu da rabi, kuma a ƙarshe na faɗi.

Ga tambayar. Ɗan kasuwa ya sayar da kaya naira 46,000, ya ci ribar kashi 15 cikin ɗari. Nawa ya sayo kayan? Amsoshin: 39,100, 40,000, 41,000, 52,900. Ni da nake aikin sito, abin kunya, na fitar da kashi 15 na 46,000, ya ba ni 6,900, na cire, na samu 39,100. Na duba, ga ta nan a sahun farko tana jirana. Sai zuciyata ta ƙi kwanciya, na sake bi, na sake samun 39,100, na zaɓe ta. Kuskure. Riba a kan kuɗin saye ake auna ta, ba a kan kuɗin sayarwa ba. Amsar 40,000 ce.

Darasin da ya fi wannan shi ne ban ma buƙaci warware tambayar daga gaba ba. Amsoshi huɗu suna gabana, sai in ɗauki wadda ta fi zama dunƙulalliya in gwada ta. Kashi 10 na 40,000 shi ne 4,000, rabinsa 2,000, haɗe 6,000. A ɗora a kan 40,000, ga 46,000 ta fito. Sakan 15, ba tare da an taɓa biro ba. A makaranta an koya mana mu nuna hanyar aiki don a ba mu maki a kanta. A nan kwamfuta ba ruwanta da hanya, harafi ɗaya take so.

Sai 'yar'uwarta, wadda ke cewa an ƙara wa kaya kashi 25 sannan aka rage kashi 20, ina farashi ya tsaya? Ido zai ce an samu ƙarin kashi 5. A'a. Ɗauki 100, ya zama 125, kashi 20 na 125 shi ne 25, an koma 100. Duk tambayar kashi da ba a ba da farashi ba, in sa 100 da kaina in wuce.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na je gaida Kawu a Tarauni. Ya yi shekara 35 a aikin gwamnati, ya ajiye a mataki na 14. Da ma tambayoyi biyar ɗin da ban sani ba yawancinsu na dokokin aiki ne, sai na tafi da littafina.

Ya karɓa ya sa tabarau, ya ce, "Kai yaro, waɗannan ai ba sai ka yi hadda ba. Zauna in zana maka tsani."

Ya zana a bayan ambulan. Matakan albashi daga 01 zuwa 17 suke. Mai digiri da ya gama bautar ƙasa a mataki na 8 yake shiga. Daga nan 9, sai 10, sai a tsallake 11 a faɗa 12, sai 13 da 14. Mataki na 15 zuwa 17 na daraktoci ne, cikakken darakta yana 17. Daga mataki na 7 zuwa 14 sai mutum ya cika shekara 3 kafin a duba shi don ƙarin girma, daga 15 zuwa sama shekara 4. Sabon ma'aikaci yana zaman gwaji na shekara 2 kafin a tabbatar da shi. Ritaya kuwa shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa.

Na ce, "Kawu, to ita Hukumar da ofishin Shugaban Ma'aikata fa? Kullum cakuɗa su nake."

Ya ce, "Wadda ta ɗauke ka, ita ke ƙara maka girma, ita ke ladabtar da kai, wannan Hukuma ce. Tsarin mulkin 1999 ne ya kafa ta a sashe na 153, shugaba ɗaya da mambobin da ba su wuce 15 ba. Shi kuwa Shugaban Ma'aikata, shugaban ƙasa ne ke naɗa shi daga cikin manyan sakatarori, shi ke tafiyar da gidan yau da gobe. Ɗaya ya buɗe maka ƙofa, ɗaya ya nuna maka ɗaki."

Na rubuta wannan yadda ya faɗa. Sai dai da na tambaye shi wa'adin darakta, ya ce shi a zamaninsa an sa an cire, in je in duba sabon kundi. Na duba: kundin dokokin aiki da aka sabunta a 2021 ya ba darakta shekara 8, babban sakatare shekara 4 da za a iya sabuntawa sau ɗaya.

Da zan tafi ya raka ni zaure ya ce, "Kada ka kuskura ka saki aikin hannunka sai ka ga takarda a hannu. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki." Na ce in sha Allahu. Goggo ta cika mini leda da ƙuli-ƙuli.

Ban yi gwaji yau ba.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Kwana huɗun da suka wuce ban karanta ko harafi ba. Ƙarshen wata ne, ga ƙirgen kaya, ga 'yan kasuwa suna rububin sukari da man girki da taliya. Ranar Alhamis sai ƙarfe 9 na dare muka kulle sito, katan 11 na madara suka ƙi fitowa a lissafi, daga baya aka gano takardar fitar da su ce ba a shigar ba.

Wannan abu ne da ya kamata in sani tun farko: makon ƙarshe na kowane wata ba nawa ba ne. Wata guda a wurina mako uku ne. Na daina lissafa shi a jadawali, na kuma daina jin zafin rashinsa.

Lahadi, 9 ga Maris

Tsarin azumi: daga sahur ba komawa barci, bayan asuba minti 40 na lissafi. Dare na tarawihi ne, ban taɓa shi ba. Hutun azahar da da muke cin abinci a cikinsa yanzu ya zama fili, ina samun minti 20 a bayan sito in duba katunan harkokin ƙasa. Katunan kwalin sabulu ne na yayyanka, tambaya a gaba, amsa a baya. Sun fi waya, domin in na ɗauko waya sai in tsinci kaina ina kallon abin da ba shi ya kawo ni ba.

A makon nan na gane tambayoyin "mutum biyu suna aiki tare", kuma leburorinmu ne suka koya mini ba su sani ba. Tambayar takan ce wani yana gama aiki a kwana 6, wani a kwana 12, in sun haɗu kwana nawa? Da ina fama da ɗaya bisa shida a tara da ɗaya bisa sha biyu, in manta in juya sakamakon a ƙarshe. Ranar Talata ina tsaye ana sauke shinkafa sai abin ya faɗo mini: a mai da aikin buhuna. A ce buhu 12 ne, tunda 6 da 12 duk suna shiga cikinsa. Na farko yana sauke 2 a rana, na biyu 1. Tare 3 a rana. Buhu 12 a raba da 3, kwana 4. Shi ke nan.

Akwai ma abin da ya fi haka sauri. In mai sauri shi kaɗai kwana 6 yake yi, da taimako dole a gama ƙasa da 6. Kuma ko da su biyun saurinsu ɗaya da shi, kwana 3 za su yi, to tunda na biyun ya fi shi nawa, dole a wuce 3. Amsa tana tsakanin 3 da 6. A littafina amsoshin 3, 4, 9 da 18 ne. Guda ɗaya ce ta rage, ba tare da an lissafa komai ba. Ita 9 ɗin an sa ta ne don wanda zai tara 6 da 12 ya raba biyu.

Tarkon raba biyu ɗin nan yana dawowa a tambayar gudun mota. An tafi da gudun kilomita 60 a awa, an dawo da 40, mene ne matsakaicin gudu? Ba 50 ba ne. A ce nisan kilomita 120 ne: zuwa awa 2, dawowa awa 3, an ci kilomita 240 a awa 5, wato 48. Motar ta fi daɗewa a kan gudun 40, dole matsakaicin ya karkata can.

Gwaji da safe: 38. Na kai tambaya ta 55.

Talata, 11 ga Maris

An ƙara wa'adin cike fom daga 10 zuwa 17 ga wata. Na sake shiga shafin na tabbatar lambar waya da adireshin imel ɗin da na bayar daidai suke. Na kuma bugo takardar shaidar cikewa kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya a aljihun tebur a wurin aiki.

Wani a rukunin masu nema da aka jefa ni ciki ya biyo ni ta bayan fage, wai yana da mutum a sama, gurbi naira 350,000, rabi yanzu rabi in takarda ta fito. Ko rufe fom ba a yi ba har ya fara sayar da gurbi. Na toshe shi, na fice daga rukunin gaba ɗaya, da ma saƙo 300 a rana ne babu guda mai amfani.

Lahadi, 16 ga Maris

Littafin da na saya ya kusa cuce ni. A ɓangaren harkokin ƙasa ya ce mafi ƙarancin albashi naira 30,000. Wannan na 2019 ne. Tun Yulin 2024 aka sa hannu a kan 70,000. Da na ga haka sai na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ya ce Shugabar Ma'aikata Folasade Yemi-Esan ce, alhali tun Agustan 2024 Didi Esther Walson-Jack ta karɓa. Taken ƙasa ma na da ya rubuta, bai san an koma tsohon take ranar 29 ga Mayun 2024 ba. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da aka ƙirƙiro a 2024 ba ta cikin jerinsa. A bangon kuwa an buga 2025 da manyan lambobi. Bango kawai aka sauya.

Na raba katunana gida biyu. Gida na farko abin da ba ya motsi: haɗe Kudu da Arewa a 1914, fara amfani da naira a Janairun 1973, komawa Abuja ranar 12 ga Disamban 1991, ƙananan hukumomi 774, sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360. Waɗannan littafi ya isa. Gida na biyu duk abin da ke da sunan mai riƙe da muƙami ko adadin kuɗi. Waɗannan da fensir nake rubuta su, a gefe in sa ranar da na tabbatar, kuma daga labarai nake ɗauko su, ba daga littafi ba. Rediyon da ake kunnawa a adaidaita da safe ya zama malamina.

Ƙirƙirar jihohi da ke rikita ni na ɗaure ta da lambobi biyar: 12, 19, 21, 30, 36. Gowon a 1967, Murtala a 1976, Babangida a 1987 da 1991, Abacha a 1996. Na rataya kowace a kan jihar da na sani: Kano 1967, Bauci 1976, Katsina 1987, Jigawa 1991, Zamfara 1996. Tun da na yi haka ban sake faɗuwa a nan ba.

Lahadi, 23 ga Maris

34. Na koma baya da maki huɗu.

Na buɗe littafin kurakurai in ga me ya faru. Cikin waɗanda na faɗi, tara na zamewar hannu ne da rashin karatu da kyau, abin da na zaci na kashe. Goman ƙarshe ta shiga, barcina bai kai awa huɗu ba, kuma gwajin da ƙarfe 3 na rana na yi shi cikin zafin nan. Ba sabon ilimi nake buƙata ba, barci nake buƙata. Na ajiye gwaji sai bayan salla. Katuna kawai, minti goma in an samu.

Lahadi, 6 ga Afrilu

An yi salla ranar Lahadin da ta wuce, an huta. Yau na biya kuɗin awa biyu a wata cibiyar kwamfuta da ke horar da yaran da za su rubuta jarrabawar shiga jami'a. Ni kaɗai ne mai gemu a ɗakin, wani yaro har ya matsa mini kujera ya zaci mai duba su ne.

Takarda da allon kwamfuta ba ɗaya ba ne. A takarda idona yana ganin tambaya goma a lokaci guda, in zaɓi mai sauƙi. A allo ɗaya-ɗaya suke zuwa, ga agogo a kusurwa yana raguwa yana jan ido. Kuma ba a ja wa kalma layi, dabarar da na saba da ita a Turanci ta tafi. Manhajarsu tana aiki da maɓallai: `A` `B` `C` `D` don amsa, `N` don gaba, `P` don baya, `S` don miƙawa. Da na saki linzami na koma maɓallai sai na ji hannuna ya yi sauƙi. Mai kula da ɗakin ya ja mini kunne a kan `S`, ya ce akwai yaran da ke miƙa jarrabawa da rabin tambayoyi saboda rawar hannu.

A nan na gwada tsarin zagaye uku da na daɗe ina tunani. Zagayen farko minti 20: in bi duka 60, duk wadda ban ga hanyarta cikin sakan 10 ba in rubuta lambarta a takardar gefe in wuce. Na biyu minti 15, in koma kan waɗanda na san zan iya amma suna son biro. Minti 5 na ƙarshe in cike duk gurbin da ya rage, bayan na kori amsoshin da ba za su yiwu ba.

Tsallakewar ita ce mai wuya. Zuciya tana cewa ai ka riga ka kashe sakan 30 a kanta, ƙarasa mana. Haka minti biyu ke tafiya, da maki uku na harkokin ƙasa da ke can ƙarshe suna jira. Duk tambaya maki ɗaya ce, mai wuya ba ta fi mai sauƙi tsada ba.

Cankar ƙarshe kuwa lissafinta a fili yake. Amsa huɗu, canka ɗaya cikin huɗu ce, tambaya 8 za su ba da kamar maki 2. In an kori biyu aka bar biyu, 8 ɗin su ba da kamar 4. Wannan in ba a rage maki a kan kuskure. Shi ya sa ranar jarrabawa shafin umarni ne abin da zan fara karantawa a natse, in an ce ana ragewa, sai inda na kori aƙalla biyu zan canka.

Sakamako: 44, kuma karon farko da na ga tambaya ta 60 da idona.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Akwai abin da ya fi lissafi damuna, na yi ta ɗage shi: ranar jarrabawar kanta. Waɗanda suka taɓa rubuta irinta sun ce gayyata kan zo da gajeren wa'adi, kuma ranar aiki ce galibi. Makullin sito yana hannuna. In na ɓace rana ɗaya ba sanarwa, babu motar da za ta fita.

Abokan aiki sun ce in ranar ta zo in ce ba ni da lafiya. Ban so ba, ko don Kano ƙarama ce in ana maganar wanda ya ga wane a ina. Yau bayan azahar na shiga ofishin manaja.

Na ce, "Yallaɓai, akwai maganar da nake so ka ji daga bakina. Na nemi aikin gwamnati, kuma ana iya kirana jarrabawa kowane lokaci. Ina roƙon a riƙe mini kwana biyu daga hutuna na shekara, in ɗauka in an kira."

Ya yi shiru yana juya biro. Ya ce, "Wato barinmu za ka yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, jarrabawa ce tukuna, kuma masu nema sun fi gurabe yawa nesa ba kusa ba."

Ya ce ya ji, da sharaɗi biyu. In koya wa mataimakina shigar da takardun fitar da kaya yadda zai riƙe sito yini guda, kuma in ranar ta faɗo cikin ƙirgen ƙarshen wata, in dawo in kwana a kansa ko ƙarfe nawa ne. Na amince. Fuskarsa ba ta saki kamar da ba, na lura, har gaisuwar la'asar ta gajarce. Na sayi kwana biyun da wani abu, ban san nawa ba tukuna.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Na tara awoyin da na rubuta tun 9 ga Fabrairu: mako 11, awa 41. Jadawalin farko da na yage ya yi mini alkawarin sama da 130.

Gwajin makon jiya 46, na yau 47, duka a kwamfuta, da safe, don cibiyar ta cika da ɗalibai sai ƙarfe 7 ake samun kujera. Na 13 da na faɗi yau, lissafi 2 ne kawai, harkokin ƙasa 3, Turanci 8. Biyar daga cikin takwas ɗin daga dogon nassin da ake karantawa a amsa tambayoyi a kansa suka fito. Ina barinsa zagaye na biyu, in karanta shi a gurguje, in kai ƙarshe na manta farkonsa, in sake komawa. Yau ya ci minti 7 shi kaɗai.

Daga gobe minti 45 ɗin asuba sun tashi daga lissafi sun koma kansa. Nassi ɗaya kowace safiya daga sharhin jarida, in karanta cikin minti 2, in rufe, in faɗi abin da kowane sakin layi ya ce a jimla guda. A gwajin Lahadi mai zuwa kuma zan fara karanta tambayoyin kafin nassin, in ga ko zai rage komawa baya. Makon ƙirge ne, don haka safiya uku na sa a lissafi, ba shida ba.

Mataimakina ya riƙe sito jiya daga safe zuwa azahar ina gefe ban sa baki ba. Kuskure ɗaya ya yi, ya shigar da katan 20 na taliya a layin makaroni. Na nuna masa, ya gyara. Ranar Laraba zan bar masa makullin yini guda.